Bashin Haraji: Wasiƙar Neman Biya Kashi-Kashi

(Kiɗan buɗe shiri)



MAI GABATARWA: A ce kai mai sayar da atamfa ne a Kantin Kwari, sai ga takarda daga hukumar tara haraji ta jiha: ana binka Naira 200,000, harajin shekara biyu haɗe da tara da kuɗin ruwa. Idan ka biya a dunƙule, jari ya karye. Mafita ita ce ka rubuta wasiƙa ka nemi biya kashi-kashi.

Amma kafin ka ɗauki biro, duba lissafin da kyau, domin wasiƙar nan amsa bashi ce. Idan kana ganin an ɗora maka fiye da ƙima, doka ta ba ka kwana 30 daga ranar da takardar ta iso hannunka ka rubuta ƙorafi. Wa'adin na wucewa, adadin ya zauna daram. In kuwa lissafi daidai ne, ga yadda wasiƙar za ta kasance.

(Kiɗa a ƙasa-ƙasa)

MURYA TA BIYU: "Ranka ya daɗe Shugaban Hukuma. Bayan gaisuwa, ga sunana, da lambar shaidar harajina, da lambar takardar da aka aiko mini. Na amince ana bina Naira 200,000. Rashin ciniki ne ya hana ni biya a kan lokaci, ga kwafin littafin cinikina na haɗo. Na riga na biya Naira 50,000, ga rasit. Ina roƙon a bar ni in biya ragowar 150,000 cikin wata shida, Naira 25,000 ranar 5 ga kowane wata. Ina kuma roƙon a sassauta mini tarar."

MAI GABATARWA: Kun ji bai ce "zan biya idan Allah ya hore" ba. Ya faɗi adadi, ya sa rana, ya kuma fara ajiye wani abu a ƙasa. Wannan ne jami'i zai iya sa wa hannu.

Inda 'yan kasuwa ke tuntuɓe shi ne auna alkawari da cinikin jajibirin Sallah. Auna shi da watan da kasuwa ta fi mutuwa, domin saɓa wata guda na iya sa hukuma ta nemi ragowar gaba ɗaya.

Kai kwafi biyu, a buga wa naka hatimi da kwanan wata. Hatimin nan shaidar karɓa ce kawai, ba amincewa ba, don haka bi sawu har a ba ka amsa a rubuce, ka kuma tambaya ko kuɗin ruwa zai ci gaba da hawa. Biya kuwa ta banki, cikin asusun gwamnati. Kuɗin da ka danƙa wa wani a bakin shago ba rasit, ranar da aka zo garƙame shagon ba wanda zai tuna da shi.

Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu. A yi ciniki lafiya.

(Kiɗan rufewa)