Kayan Kwalliya: Wane Za Ki Saro, Wane Za Ki Bari?

'Yan'uwana mata, yau zancenmu a kan masu sayar da kayan kwalliya ne, ko mai ɗan shago a bakin hanya, ko wadda kabad ɗinta na cikin ɗaki shi ne shagonta. A garuruwa irin su Gafasa ta ƙasar Ajingi, da sauran ƙauyukan gefen Gaya, sai ki shiga ɗakin mace ki ga kwalabe reras, gwanin sha'awa. Amma ranar da za a tafi Kano saro, sai ta zazzage gwangwaninta ta ga ko kuɗin basilin dozin biyu bai cika ba. Ba sata aka yi mata ba, ba ta kuwa ci jarin ba. Kuɗin suna nan, sun zama kwalabe suna kallonta.

Abin da ke jawo wannan shi ne, yawancinmu ribar kwalba ɗaya muke dubawa, ba mu duban kwana nawa kwalbar za ta yi kafin ta fita. Bari mu yi lissafi. Kuɗin da zan ambata misali ne kurum, ke sai ki sa farashin da kika tarar a kasuwa.

Mu ce kin saro ƙaramin basilin dozin guda a kan Naira 6,000, kina sayar da ɗaya Naira 600. In dozin ɗin ya ƙare kin sami 7,200, watau ribarki 1,200. Kullum mako kuwa dozin guda yakan ƙare. Sa'an nan ga turare mai tsada, dozin Naira 36,000, kina sayar da kwalba 4,000. In ya ƙare kin sami 48,000, riba 12,000. Wace ce za ta ji haka ranta bai biya ba? Amma a Gafasa mai sayen turaren Naira 4,000 ba kullum take zuwa ba. Mu ce kwalba ɗaya ke fita cikin mako biyu. Ashe dozin ɗin sai ya yi mako 24 kafin ya ƙare, kusan wata shida ke nan.

To, cikin waɗannan makonni 24 me basilin ya yi? Ya tafi ya dawo sau 24, kowace dawowa da 1,200. In kin tara, Naira 28,800 ke nan, daga jarin 6,000 kacal. Turare kuwa ya riƙe miki 36,000, yana sakin su kaɗan kaɗan, ya kawo 12,000. Kin ga wanda ake rainawa shi ke ciyar da gida.

Kada wata ta ce, to ai sai in zuba kuɗina duka a basilin. A'a. Garin dozin guda yake sha a mako, in kin kawo dozin shida sai biyar su kwanta, shi ma ya zama irin turaren. Kuɗin da kika ƙwato daga turare sai ki rarraba su kan sauran masu gudu, irin su sabulu, da lalle, da man kitso, da kwalli, kowane gwargwadon yadda yake fita.

Shi turaren ma ba cewa na yi ki daina kawo shi ba, gama shagon da babu abin marmari ko ɗaya mata sukan raina shi. Ki sayi kwalba uku maimakon dozin. Lalle mai sari zai ƙara miki kuɗi, mu ce 3,200 maimakon 3,000. Kada wannan ya ɓata miki rai. Kwalba uku 9,600 ne, saura 26,400 a hannunki kina juyawa. Abin da kika yi asara a kan kwalba goma sha biyu duka 2,400 ne cikin wata shida, ribar basilin ta mako biyu ta biya shi. 'Yan sari na kasuwar Sabon Gari sun iya baki, za su ce miki, "Hajiya, ɗauki katan, na rage miki." Ragin gaskiya ne. Amma shi ma kayan da suka kwanta masa yake so ya mayar ɗakinki.

Yaya za ki san mai gudu da mai kwanciya? Kada ki dogara da tunaninki, domin zuciya takan tuna da cinikin da ya faranta mata ne, ta manta da ƙananan da ake yi kullum. Ki sami littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Kowane irin kaya ki ba shi layinsa, duk lokacin da aka sayi ɗaya ki ja sanda ɗaya. Ran Juma'a da dare ki ƙidaya sandunan, ki rubuta jimla. Ku 'yan makaranta, ga aikinku nan, ku riƙe wa iyayenku littafin, kun ga lissafin da ake koya muku ya yi rana. In yara suna fita talla, a ƙidaya abin da ke kan faranti da fita da dawowa, a shigar da shi. Bayan mako huɗu littafin zai gaya miki gaskiya. Ki buɗe kuma wani shafi na abin da aka zo nema ba a samu ba. In mata uku dabam dabam sun tambayi abu ɗaya cikin wata, ya isa a gwada kwalba biyu ko uku. Tambayar mace ɗaya ba ta isa ba, ko da kuwa aminiyarki ce.

Wata dabara mai sauƙi kuma, ranar da kaya suka iso ki rubuta kwanan wata a gindin kowace kwalba. Sabbi su koma baya, tsofaffi su fito gaba. A ganina, duk abin da ya yi wata biyu ba a taɓa shi ba ya kwanta, kada a sake saro shi sai ya ƙare.

Yanzu ga yadda za ki san yawan abin da za ki saro. Daga Gafasa zuwa Kano sai an fito Gaya, a bi ta Wudil, a haye gada, kuɗin mota kuwa tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 ya yi tsada. Saboda haka zuwa kowane mako ba zai fisshe ki ba, sai dai mu ce kowane mako biyu. To, ki duba littafi. Basilin guda 12 ke fita a mako, na mako biyu 24 ke nan. Ki ƙara na mako ɗaya don ko-ta-kwana, gama maigida ko yaron da kike aika yakan sami uzuri tafiyar ta ɗaga. Ya zama 36. Sa'an nan ki ƙidaya na cikin kabad, mu ce saura 10. Ki cire 10 daga 36, saura 26. Dozin biyu za ki saro, ya isa. Haka za ki yi wa kowane mai gudu, ki rubuta a takarda tun a gida. Masu kwanciya ba a yi musu ko-ta-kwana, in sun ƙare mai so ta jira mako guda, ba abin da zai same ta.

Takardar nan ki fara da masu gudu a sama. Sai an gama biyansu, an ware kuɗin mota da na dako, abin da ya rage shi za a sayi na marmari da shi. Wadda ta shiga kasuwa ba takarda, idonta ne zai yi mata sayayya. In kuwa kuna da yawa a unguwa masu wannan sana'a, ku haɗa kai mutum ɗaya ya tafi, ku raba kuɗin mota, ku sayi katan ku raba. Kun sami ragin katan, ba wadda kaya suka kwanta wa.

Amma littafin makon jiya ba ya sanin abin da ke tafe, nan sai ki sa hankalinki. Da hunturu ya kawo kai wajen watan Nuwamba, ƙafa da leɓe suka fara tsagewa, basilin da man shafawa sai su tashi, dozin guda ba zai isa ba. Amma cikin Fabrairu ki fara ragewa, kada zafi ya tarar da ke da tuli. Da bazara, watannin Maris da Afrilu, hoda da sabulu ke tafiya, jan baki kuwa yakan narke a ɗaki mai rufin kwano, ki kawo shi kaɗan kaɗan. Da damina kuɗin mutanen ƙasar Gaya suna gona, wajen taki da ƙwadago, sai ƙananan kaya masu araha ke fita. Wannan ba lokacin cika kabad ba ne. Da kaka, in gero da gyaɗa da wake sun zo gida, sai bukukuwa su tashi, lalle da humra da turaren wuta su sami kasuwa.

Salla kuwa ba ta bin waɗannan watanni, kowace shekara takan matso da kamar kwana 11. Ki kawo kayanta tun tsakiyar azumi, gwargwadon abin da littafin bara ya nuna. Lallen da ya iso daren Salla ya makara, zai zauna yana jiran biki, ga shi kuwa garin lalle in ya daɗe ba ya kamawa sosai.

Kayan lefe su ne babban tarko. Sai a zo a ce miki ana son akwati na kayan shafa masu tsada, ki kwashe jarinki ki saro, daga baya a ɗaga bikin ko a sami saɓani a fasa. Irin wannan kada ki motsa sai an ba ki kafin alƙalami, akalla rabin kuɗin. Ba rashin yarda ba ne, kowa ya san irin kayan nan in an fasa ba mai sayensu ɗaya ɗaya. Bashi ma haka yake. Kwalbar da ta fita bashi har yanzu kuɗinki a kwance suke, sai dai sun koma ɗakin wata. Kada ki ja mata sanda a littafi sai ranar da aka biya, in ba haka ba littafin zai ce kaya suna gudu alhali gwangwani wayam.

Akwai masu cewa, tun da farashi ya yi ta hawa a 2023 da 2024, gara ajiye kaya da ajiye kuɗi. Suna da gaskiyarsu a kan sabulu da basilin, waɗanda ba su saurin lalacewa, kuma dole a saye su. Amma man shafawa yana da ranar ƙarewar aiki a jikin robarsa. Ki duba ta tun a kasuwa, tare da lambar hukumar NAFDAC, kada ki karɓi wanda saura 'yan watanni ya ƙare. In kin ga mai ya rabu, ruwa a sama, ko ƙanshinsa ya juya, ya tashi aiki, zubar da shi za ki yi, kada ki sayar wa 'yar wani fuskarta ta lalace. Mayukan bilicin kuwa, ko suna gudu, ki bar su a kasuwa, gama waɗansunsu suna ɗauke da sinadarin makuri mai cutar da ƙoda, hukuma ta hana su.

To, wadda kabad ɗinta ya riga ya cika da kwantai fa? Ki fito da su duka kan tabarma, ki ware waɗanda suke da sauran kyau. Ki sayar da su a kan kuɗin da kika saro, ko da ɗan ragi, musamman lokacin biki da mata suka taru. Waɗansu ki haɗa su da mai gudu ki yi musu kuɗi ɗaya, kamar hoda da sabulu. In kina da 'yar'uwa mai sana'ar a Gaya ko Wudil, inda mutane suka fi yawa, ku yi musanya, ta karɓi turaren ta ba ki sabulu. Kwalba tara da suka rage, in kin sake su a kan 2,800 kowace, kin yi asarar 1,800, amma 25,200 sun dawo hannunki kafin tafiyar Kano mai zuwa.