Rasit ɗin karanta imel: me ke fita daga akwatinka idan ka amsa?

Wanda ke aiki da imel a ofis ya san wannan ƙaramar taga. Ka buɗe saƙo, kafin ka kai ga layin farko sai tambaya ta tare ka: mai aikowa yana son a sanar da shi cewa an buɗe saƙonsa, a tura masa rasit ko kuwa? A manhajar Outlook maɓallan su ne Yes da No. A Thunderbird wani ɗan layi ne ke fitowa a saman saƙon da Send Receipt da Ignore Request. Da yawa daga cikinmu suna danna na farko don kunya, wai kada oga ko abokin ciniki ya ga an ƙi shi. Wasu kuma suna danna na biyu gabansu na faɗuwa, suna tsammanin can za a rubuta wa mai aikowa cewa wane ya ƙi. Dukkansu ba su san abin da ke fita ba.

Tun da farko, imel ba shi da wani ido da ke bin saƙo har cikin akwatinka. Da zarar saƙo ya bar hannun mai aikowa, ya zama naka. Abin da kawai zai iya yi shi ne roƙo, kuma roƙon layi ɗaya ne tak da manhajarsa ke sakawa a kan saƙon, a ɓangaren da ba a saba nuna wa mai karatu ba, inda ake rubuta adireshi da kwanan wata:

```
Disposition-Notification-To: akawu@example.com
```

Ma'anarsa: idan an yi wani abu da saƙon nan, a sanar da wannan adireshi. Manhajarka ce ke ganin layin, ita ce kuma ke fito da tagar. An fara rubuta wannan ƙa'ida a 1998 a takardar da ake kira RFC 2298, aka sake ta a 2004, sannan aka fitar da wadda ake bi yanzu, RFC 8098, a 2017. Ƙa'idar ta ba mai karɓa cikakken 'yancin yin banza da roƙon. Shi ya sa abin ya sha bamban da shuɗin alamar WhatsApp. A can kamfani ɗaya ne ke riƙe da manhajar mai aikowa da ta mai karɓa, a imel kuwa kowa da tasa, ba wanda ke iya tilasta wa wani.

To idan ka amsa da i, me ke faruwa? Manhajarka za ta rubuta sabon imel da sunanka, ta tura shi zuwa adireshin da ke cikin wancan layi. Imel ne sosai, kamar kowane, sai dai ba kai ka rubuta ba, kuma sau da yawa ba za ka ga kwafinsa cikin saƙonnin da ka tura ba. Idan daga Outlook ya fito, kansa zai fara da `Read:` sannan taken saƙon asali ya biyo, cikinsa kuma a ce an karanta saƙon a rana kaza, ƙarfe kaza.

A ce akawun wata makaranta ya tura wa wata malama takardar albashi a adireshinta na aiki, ya nemi rasit. Ita kuwa tuntuni ta saita akwatin aikin yana juya mata duk saƙo kai tsaye zuwa wani adireshinta na gida, wanda ba ta taɓa ba kowa a makarantar ba. Da dare ta buɗe kwamfutarta, tambaya ta fito, ta amince. Abin da zai isa wurin akawu yana da ɓangaren da mutum zai karanta, da kuma wani da aka tanadar wa na'ura, mai kama da wannan:

```
Reporting-UA: Thunderbird
Final-Recipient: rfc822;malama.gida@example.org
Original-Message-ID: <4471@example.com>
Disposition: manual-action/MDN-sent-manually; displayed
```

Layi na uku lambar shaidar saƙon asali ce, da ita manhajar akawu ke gane wane saƙo ne wannan rasit yake amsawa. Layi na huɗu yana cewa an nuna saƙon a fuskar kwamfuta, kuma mutum ne ya ba da izinin tura rasit ɗin da hannunsa. Da manhajar ce ta tura ba tare da tambaya ba, da an ga `MDN-sent-automatically` a wurin. Layi na farko ya faɗi irin manhajar da take amfani da ita, wasu manhajojin ma har da lambar sigarsu ko sunan kwamfutar sukan haɗa. Layi na biyu kuwa shi ne inda gizo ke saƙar: adireshin gidan da ta ɓoye ya fita fili, domin daga can rasit ɗin ya tashi. Ga kuma lokaci. Akawu ya san cewa ƙarfe 11:40 na dare tana zaune gaban kwamfuta, kuma tunda kwanan watan imel yakan zo da bambancin agogon yankin da aka tura shi, idan ta ce tana Kano alhali tana Jidda, tazarar awa biyu za ta iya tona ta. A wasu kamfanonin imel har lambar intanet ɗin da ta hau da ita takan bayyana a kan saƙon, wasu kuma suna gogewa.

Abin da rasit ɗin ba ya ɗauke da shi ma yana da muhimmanci. Ba ya kwashe sauran saƙonninka, ba ya ba da kalmar sirrinka, ba ya buɗe wa kowa ƙofar kwamfutarka. Kuma bai ce an karanta ba. Kalmar da ke ciki ta tsaya ne a kan cewa an nuna saƙon. Kamar sa hannu ne a littafin masinja: ya tabbatar ambulan ta shiga ofis, amma bai tabbatar shugaban ofishin ya san abin da ke ciki ba, domin mai yiwuwa sakatare ne ya karɓa. Thunderbird da kanta tana rubuta wannan gargaɗi a cikin kowane rasit da ta tura, cewa ba ta da tabbacin an karanta ko an fahimta. Duk da haka, a rikicin ofis ba a duba wannan ƙaramin rubutu. Ranar da aka ce wa'adi ya wuce, rasit ɗin za a fito da shi a ce ai kin gani tun ranar Talata. Wannan ne dalilin da ya sa, a ganina, bai kamata a amince da rasit a kan saƙon da ke ɗauke da wa'adi ko batun kuɗi ba sai an shirya ɗaukar nauyin abin da ke ciki.

Idan kuma ka ce a'a, babu abin da ke fita. Ko harafi ɗaya. A ƙa'idar 1998 akwai wata amsa, `denied`, da manhaja za ta iya turawa don ta ce mai karɓa ya ƙi bayyana komai, amma an cire ta a gyaran 2004. Abin da ke faruwa yanzu a cikin akwatinka kawai yake: manhajar tana yi wa saƙon alama don kada ta sake damunka da tambaya. A akwatunan da ke aiki da tsarin IMAP sunan alamar `$MDNSent`, kuma ita ɗin ce ake sawa ko ka amince ko ka ƙi, saboda sauran na'urorinka su san an gama da maganar.

Daga ɓangaren mai aikowa, shirun nan ba ya nuna komai. Wanda ya ƙi, da wanda bai buɗe ba, da wanda saƙon ya faɗa akwatin tarkace, duk shiru ɗaya suke bayarwa. Haka ma wanda manhajarsa ba ta kula irin wannan roƙo. Gmail na kyauta, wanda adireshinsa ke ƙarewa da gmail.com, ba ya nuna tambayar a shafinsa ko a manhajarsa ta waya. Sai akwatunan aiki ko na makaranta da ke ƙarƙashin Google Workspace, su ma sai yadda mai kula da tsarin ya saita. Manhajar Mail ta iPhone ma ba ta tambaya. Ke nan wanda ya aika wa mutum hamsin sanarwa ya samu rasit goma sha biyu, bai da hujjar cewa sauran talatin da takwas sun yi watsi da shi.

Akwai wani tarko a Outlook da ya kamata a sani. A ƙarƙashin tambayar akwai ɗan akwatin da ke cewa kada a sake tambaya. Wanda ya yi masa alama sannan ya danna Yes don ya huta, ya mayar da amsarsa ta dindindin, daga ranar duk mai neman rasit zai samu ba tare da saninsa ba. Har ma idan ya goge saƙo bai buɗe ba, Outlook na iya tura sanarwa mai kai `Not read:` da ke cewa an goge saƙon ba a karanta ba. Wannan kam ya fi shiru ciwo. A Outlook na kwamfuta ana gyara abin a File > Options > Mail > Tracking, inda zaɓi uku suke: a tura kullum, kada a taɓa turawa, ko a riƙa tambaya. Thunderbird ta fi rarrabewa, tana ba ka damar saita amsa dabam ga wanda ke wajen ma'aikatarku, da kuma saƙon da sunanka ba ya cikin waɗanda aka rubuta wa.

Saƙon baƙo kuwa ba ya buƙatar dogon tunani. 'Yan damfara suna tura saƙo zuwa dubban adireshi ba su san wanne ke aiki ba, rasit kuma shaida ce cewa akwai mai rai a bayan wannan adireshi, yana kuma buɗe abin da aka turo masa. Adireshin da ke cikin layin roƙo ma ba dole ne ya zama na wanda ka gani a matsayin mai aikowa ba. Saboda haka ne ƙa'idar ta hana manhaja tura rasit da kanta idan wannan adireshi ya saɓa da wanda saƙon ya fito daga gare shi, sai ta nemi izini.

Sai dai kada wanda ya ce a'a ya ɗauka ya rufe duk wata kafa. Yawancin kamfanonin talla ba sa amfani da wannan roƙo ko kaɗan. Wani ɗan mitsitsin hoto suke sakawa cikin saƙon, ɗigo ɗaya da ido ba ya gani, mai adireshi na musamman ga kowane mai karɓa. Da ka buɗe saƙon, manhajarka za ta je ɗauko hoton daga kwamfutarsu, su kuma su rubuta lokacin. Babu taga, babu tambaya. Tun Disamban 2013 Gmail ke ɗauko hotuna ta kwamfutocinsa, abin da ke ɓoye lambar intanet ɗinka amma bai cika ɓoye cewa ka buɗe ba. A 2021 Apple ya kawo tsarin da ke ɗauko hotunan ko an buɗe saƙo ko ba a buɗe ba, don lissafin masu tallan ya rikice. Ga sauran mutane, maganin shi ne a shiga saitin manhaja a hana ta buɗe hotunan waje da kanta, sai a saƙon da aka yarda da mai shi.