Haraji ya yi nauyi? Ga yadda ake neman biya kashi-kashi

Idan takardar ƙiyasin haraji ta iso shago, mutane da yawa sukan jefa ta cikin durowa, su ce sai kasuwa ta buɗe. Ofishin haraji kuwa ƙirga kwanaki yake yi.

Tun farko ka tambayi kanka: ka yarda da adadin da aka yanka maka? A Najeriya, mai ja da ƙiyasi yana da kwana 30 daga ranar da takardar ta zo hannunsa ya rubuta ƙorafi. In ya yi shiru har wa'adin ya wuce, adadin ya zauna. Wasiƙar neman biya kashi-kashi kuwa tamkar amsa bashi ce, don haka kada ka rubuta ta alhali kana ganin an cuce ka a lissafi.

A ce wani mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, hukumar tara haraji ta Jihar Kano ta yanka masa naira 1,200,000. Bai musa ba, sai dai kuɗinsa na kwance cikin kaya. A wasiƙarsa zai sa lambarsa ta mai biyan haraji, da lambar takardar ƙiyasin, da shekarar da ake magana a kai. Sannan dalili. Cewa "kasuwa ba daɗi" ba ya motsa jami'i, kullum yana jin haka. Abin da zai duba shi ne hujja: kaya sun yi wata biyu a tashar jirgin ruwa ta Legas, ga takardunsu, abokan ciniki sun ɗauki kaya bashi, ga littafin, ga kuma bayanan asusun banki na wata shida.

Tayin shi ne zuciyar wasiƙar. Ya fara da biyan 300,000 ta banki, ya manna rasit, sannan ya nemi a raba ragowar 900,000 gida shida, 150,000 duk ƙarshen wata, kowane kashi da ranarsa a rubuce. Mai wayo yakan daidaita ranakun da lokacin cinikinsa. Ɗan Kwari ya san gabanin Sallah aljihu ya fi nauyi, yana iya neman a ɗora kashi mafi tsoka a nan. Ni dai na fi son mutum ya yi tayin da zai iya cikawa ko a watan da ciniki ya mutu, domin sau da yawa sharaɗin shi ne in ka saɓa sau ɗaya, ragowar duka ta faɗo maka lokaci guda.

Roƙo ne fa, hukuma na iya ƙi ko ta rage watannin. Kuma amincewa ba lallai ta ɗauke tara da kuɗin ruwan jinkiri ba, sai ka tambaya ƙarara a wasiƙar. Ka kai kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a ɗaya. In jami'i ya ce maka "ba komai, Alhaji, ka riƙa kawowa," ka yi godiya, ka ce a ba ka a rubuce, don gobe ana iya canza masa wurin aiki.