Yaba wa Ma'aikata Ba Tare da Nuna Fifiko Ba

Yabo da ƙananan kyaututtuka su ne hanya mafi arha da shugaban wurin aiki yake da ita ta nuna wa ma'aikaci cewa an ga ƙoƙarinsa. Kalmar "sannu da ƙoƙari" a gaban abokan aiki, ko takardar yabo mai sa hannun shugaba, ko hutun yini guda, ko katin waya, duk ba sa cin wani kuɗin a zo a gani. Sai dai arhar tasu ce ke sa a riƙa rabon su ba lissafi, kuma daga nan matsala take tasowa. Idan yabo ya riƙa sauka kan mutum biyu ko uku kullum, sauran ma'aikata sukan daina kallonsa a matsayin sakamakon aiki, su ɗauke shi shaidar cewa akwai 'yan mowa da 'yan bora a wurin.

Abin da yabo yake iya yi da wanda ba ya iyawa

A shekarar 1959 wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka, Frederick Herzberg, shi da abokan aikinsa, suka wallafa sakamakon hirar da suka yi da injiniyoyi da akantoci kusan 200 a yankin Pittsburgh. Sun nemi kowa ya ba da labarin lokacin da ya fi jin daɗin aikinsa da lokacin da ya fi jin haushinsa. Labaran jin daɗi yawanci sun shafi kammala wani aiki mai wuya, da yabon da ya biyo baya, da ɗora wa mutum amana. Labaran jin haushi kuwa sun fi karkata ga dokokin kamfani, da halin shugabanni, da albashi, da yanayin wurin aiki.

Darasin da ke cikin wannan biyu ne. Na farko, yabo yana da ƙarfin da kuɗi kaɗai ba su da shi wajen sa mutum ya ƙara himma. Na biyu, yabo ba ya toshe ɓarakar albashi. Ma'aikacin da ke bin bashin albashin wata biyu, idan aka miƙa masa takardar yabo, zai ɗauke ta a matsayin rainin hankali ne. Don haka sharaɗin farko shi ne a biya haƙƙi a kan lokaci, sannan a zo maganar karramawa.

Yabon da ke aiki yana da siffofi uku. Yakan ambaci ainihin abin da mutum ya yi, yakan zo da wuri kafin abin ya shuɗe, kuma yakan dace da halin wanda ake yaba wa. "Kana ƙoƙari" kalma ce da za a iya faɗa wa kowa, saboda haka ba ta da nauyi. Amma idan shugaba ya ce, "Malam, na ga yadda ka tsaya jiya har ka gano inda lissafin ya ɓace, Allah ya saka da alheri," ma'aikacin ya san an lura da shi da gaske, sauran kuma sun ji irin aikin da ake so. Game da hali kuwa, wani yana son a ambace shi a taro, wani kuma kunya za ta kama shi, ya fi son a kira shi ofis a gode masa shi kaɗai.

Kyaututtuka marasa tsada da ma'aikata suka fi daraja su sau da yawa ba na kuɗi ba ne. Akwai ba mutum damar tashi da wuri ranar da yake da hidimar gida, da tura shi wani horo ko bita, da ba shi jagorancin wani ƙaramin aiki, da rubuta masa takardar yabo a saka a fayil ɗinsa domin ta yi masa amfani ranar ƙarin girma ko neman wani aikin. Ya kamata a lura cewa waɗannan ma rabo ne, kuma ma'aikata suna ƙirga wanda ya samu da wanda bai samu ba.

Dalilin da rashin daidaito yake yin ɓarna

Wani masanin, J. Stacy Adams, ya bayyana a 1963 cewa ma'aikaci ba ya auna abin da ya samu shi kaɗai. Yakan dubi abin da ya zuba a aikin, wato lokaci da ƙarfi da ƙwarewa, ya kwatanta da abin da ya samu, sannan ya dubi na kusa da shi ya yi masa irin wannan lissafin. Idan ya ga an tauye shi, zai nemi hanyar daidaita ma'aunin da kansa: ya rage ƙoƙari, ko ya fara gunaguni, ko ya bar aikin. Wannan ne ya sa kyautar naira dubu biyu take iya haddasa gabar da ta fi ƙarfin kuɗin nesa ba kusa ba. Abin da ke ci wa mutane rai shi ne saƙon da kyautar ta isar game da matsayinsu a idon shugaba.

Yawancin shugabannin da ke nuna fifiko ba da gangan suke yi ba. Abubuwa ne suke jan su ba su ankara ba. Akwai aikin da ake gani da wanda ba a gani, domin mai magana a taro yana gaban ido, mai gyara rajista a kusurwa kuwa sai ya yi kuskure ake tunawa da shi. Akwai kusanci, tunda wanda ke zaman hira da shugaba bayan an tashi yana da damar ba da labarin ƙoƙarinsa, matar da ke hanzarin komawa gida wurin yara kuwa ba ta da ita. Akwai kuma dangantaka, ta jini ko ta gari ko ta wanda ya kawo mutum aikin. A kan wannan ta ƙarshe, ko da ɗan'uwan shugaba ya cancanta, zargi ba ya rabuwa da kyautarsa sai idan kowa ya ga ma'aunin da aka bi.

Misali daga wata makaranta

A ɗauki misalin makarantar firamare mai zaman kanta mai ma'aikata 14: malamai 10, da ma'aji, da direba, da maigadi, da mai shara. Hedimasta ya ƙirƙiro kyautar gwarzon ma'aikaci na wata, takardar yabo da katin waya na naira 2,000, ana sanarwa a asambuli. A shekarar karatu an ba da kyautar sau 9. Malamin aji shida ya karɓa sau 5, wani malamin sau 3, wata malama sau 1, mutum 11 ba su taɓa samu ba.

Idan aka tambayi hedimasta zai ce malamin aji shida ya cancanta, kuma gaskiya ne yana ƙoƙari. Shi ke shirya muhawara da kacici-kacici, shi ke magana ranar taron iyaye, ajinsa kuma yana jikin ofis. Amma a can ƙarshen gini akwai malamar aji ɗaya mai yara 40, wadda ta fara zango da yara 18 da ba sa iya haɗa baƙi da wasali, ta ƙare da 5 kacal. Akwai maigadin da bai taɓa barin yaro ya fita ba tare da wanda ya zo ɗaukarsa ba. Babu wanda ya kai wa hedimasta labarinsu, shi kuma bai je ya duba ba.

Alamun ɓarnar sukan bayyana a hankali. Tafi yakan ragu a asambuli idan an kira sunan gwarzo. Idan aka nemi masu taimakawa a wani aiki na musamman, sai a ji wani ya ce a ba shafaffu da mai. Ɗakin malamai yakan yi tsit idan gwarzon ya shigo, har shi kansa ya fara jin an ware shi, alhali ba laifinsa ba ne. Wasu kuma sukan koma aikin ganin ido da fadanci, tunda sun gane ta nan ake samu. Alama mafi muni ita ce malami nagari mara surutu ya ajiye aiki a ƙarshen zango ba tare da ya faɗi dalili ba.

Yadda ake gyarawa

Matakin farko shi ne ƙirga. Hedimasta ya jera sunayen mutum 14 a takarda, ya rubuta a gaban kowa duk abin da ya samu a shekara: kyauta, yabo a taro, bita, hutu na alfarma. Sannan ya dubi waɗanda layinsu babu komai, ya tambayi kansa game da kowane ɗaya ko mutumin ne bai yi abin yabo ba, ko kuwa shi ne bai gani ba. Zai kuma duba ko rabon ya karkata ga maza, ko ga 'yan garinsu, ko ga masu ajin da ke kusa da ofis.

Mataki na biyu shi ne a rubuta ma'auni tun kafin a fara, a karanta wa kowa, kuma kowane irin aiki ya sami nasa. Malami a duba ci gaban yaransa daga inda suka faro, da duba littattafansu, da zuwa a kan lokaci. Ma'aji a duba daidaiton rasit da kuɗi, direba kuma kula da mota da lafiyar yara. Auna malami da ci gaban yara, maimakon yawan makin da suka ci, shi ne zai ba mai aji mai wuya damar yin fice.

Mataki na uku shi ne a ƙara idanu. Kowane ma'aikaci ya iya rubuta sunan wani tare da abin da ya gan shi ya yi, sannan kwamitin mutum uku da ake sauyawa kowane zango ya tantance. Sharaɗin a faɗi takamaiman aiki yana da muhimmanci, domin idan ƙuri'a kawai aka kaɗa, kyautar za ta koma ta mai yawan abokai. Idan wanda ake dubawa ɗan'uwan hedimasta ne, hedimasta ya janye daga zaman.

Akwai kuskuren da shugabanni kan faɗa cikinsa garin gudun zargi, wato su mai da kyautar karɓa-karɓa, kowa ya jira watansa. Ma'aikata sukan gane haka da wuri, kyautar ta zama ba ta da daraja, mai ƙoƙari na gaske kuma ya ji an daidaita shi da malalaci. Adalci a nan yana nufin kowa ya sami damar a ga aikinsa, a kuma auna shi da ma'aunin da ya sani, ko da a ƙarshe wani ya fi wani yawan karɓa.

A wuri mai ma'aikata kaɗan, kyautar mutum ɗaya a wata tana da wani rauni a gininta, domin duk watan da aka karrama ɗaya an bar 13 suna kallo. Abin da ya fi dacewa shi ne a sa wani mizani wanda duk wanda ya kai shi zai samu, ko mutum ɗaya ne ko biyar, a kuma riƙa karrama rukuni idan aikin na haɗin gwiwa ne. Godiyar yau da kullum kuwa, tunda ba ta ƙarewa, a yawaita ta ga duk wanda ya yi abin kirki. A ƙarshen kowane zango shugaba ya sake ɗauko takardar sunayen nan ya duba, domin fifiko yakan dawo da zarar an daina ƙirgawa.