Takardar Gayyatar Dattijo: Inda Hausa da Turanci Suke Rabuwa

A Kano ko Zariya, katin ɗaurin aure yakan zo da fuska biyu, Hausa a gefe, Turanci a gefe. Ga abokan ango wannan ya wadatar. Amma idan wanda za a gayyata aminin mahaifi ne, ko hakimi, ko tsohon babban sakatare da ya yi ritaya, kati shi kaɗai ba ya isa. Sai an haɗa da takarda, kuma a nan ne masu biki suke tuntuɓe, domin sukan rubuta da harshe ɗaya sannan su juya shi kalma bayan kalma zuwa ɗayan.

A ce Galadiman wani gari ne, mai shekara saba'in da ɗoriya, kuma abokin uban amarya tun suna makaranta. Tambayar farko ita ce wa zai sa hannu. Ba ango ba ne, ba kuma yayan amarya da ya iya kwamfuta ba. Uba ko waliyyi ne yake gayyatar tsaransa, ko da ɗansa ne ya buga takardar.

Idan da Hausa za a rubuta, sallama ce kan gaba, sai laƙabi, sai gaisuwa. Sarauta tana rigan suna: "Mai Girma Galadima, Alhaji Wane." Daga nan a yi masa "ranka ya daɗe", a tambayi iyali da jama'a, kafin a shiga maganar aure. Wanda ya tsallake gaisuwa ya faɗa kan rana da lokaci, ya yi wa dattijo sanarwa irin ta gidan rediyo. A cikin takardar kuma an fi jin daɗin a kauce wa "kai" tsirara. Maimakon "muna so ka zo", sai a ce "muna roƙon Galadima ya sa mana albarka da halartarsa, idan Allah ya ba da iko." Wannan ƙarshen jimlar ba ado ba ne. Ƙofa ce aka bar masa, in ƙafa ta hana shi ya turo wakili ba tare da jin nauyi ba.

Laƙabi yana da matakai, kuma fadawa ba sa yafe kuskure a kansu. "Mai Alfarma" na Sarkin Musulmi ne, "Mai Martaba" na sarki, "Mai Shari'a" na alƙalin babbar kotu, malami kuwa a ce masa "Allah ya gafarta Malam". Wasu suna ganin ƙari ba ya ɓaci, sai su ɗora wa hakimi "Mai Martaba". A ganina wannan ya fi ragi muni, saboda an jefa shi cikin kunya: takarda ce da ba zai so a gani a fada ba.

Turanci ba ya tafiya haka. Doguwar gaisuwa da tambayar iyali, in aka zuba su a takardar Turanci, sai ta zama kamar ta neman taimako. Ladabinsa yana cikin tsari da taƙaitawa. A rubuta cikakken suna da sarauta a sama, a bar "Galadima" yadda yake, kada a nema masa fassara. Wasiƙar da aka buɗe da "Dear Sir" ana rufe ta da "Yours faithfully", wadda aka ambaci suna a cikinta kuma da "Yours sincerely". Dattawan da suka yi aikin gwamnati tun zamanin Jihar Arewa suna lura da wannan fiye da yadda matasa suke zato. Sarki "His Royal Highness" ne, gwamna "His Excellency".

Ga Hajiya kuwa, a yi hattara da "Mrs". Mata da yawa a ƙasar Hausa sunan mahaifinsu suke riƙe da shi har tsufa, don haka a tambayi na kusa da ita yadda take rubuta sunanta.

Wane harshe za a zaɓa? A duba a matsayin me ake gayyatar mutum. Idan ofishinsa ake nema, misali ya shugabanci taron ƙaddamar da littafi, Turanci ya dace, domin takardar za ta bi ta hannun sakatare ta shiga fayil. Idan zumunci ne, Hausa ce, ko da shi farfesan Turanci ne.

Sai maganar "RSVP" da lambar waya a ƙasan kati. Ba a cewa dattijo ya bugo ya tabbatar da zuwansa. Mutum mai hankali ake aikawa, ya kai takardar hannu da hannu tare da goro da alawa, ya durƙusa ya gaishe shi, ya dawo da amsa da baki. Saƙon WhatsApp yana iya biyowa ana gobe biki don tunatar da lokaci da masallaci, amma ta wayar ɗansa ko direbansa.