Ɗan alamar da ya buɗe wa ɓarawo ƙofa

Mai haɗa manhaja da harshen JavaScript ba ya rubuta komai da hannunsa. Yakan je wata babbar ma'ajiya da ake kira npm, inda mutane suke ajiye ƙananan ƙunshin aiki kyauta, ya ɗauko wanda yake buƙata. Shi ma ƙunshin da ya ɗauko yana jingine da wasu, waɗannan kuma da wasu, har mutum ya wayi gari da ɗaruruwan ƙunsai a kwamfutarsa alhali guda biyar ya nema.

Kowane ƙunshi yana da lambar siga mai kashi uku, misali 3.3.4. A ƙa'ida, lambar ƙarshe takan ƙaru idan an gyara kuskure, ta tsakiya idan an ƙaro sabon abu ba tare da ɓata na da ba, ta farko kuwa idan an yi canjin da zai iya karya aikin masu amfani da shi. Sai dai alkawari ne kawai, babu mai tilasta wa marubuci ya cika shi. A fayil ɗin `package.json` ake rubuta abin da ake so:

```
"event-stream": "^3.3.4"
```

Wannan alama ta `^` tana nufin: na yarda da 3.3.4 da duk sigar da za ta biyo baya, muddin ba ta kai 4.0.0 ba. Wato ka sa hannu tun yau a kan abin da ba a ma rubuta ba tukuna. Kuma npm da kansa yake sa ta idan ka buga `npm install`.

Ba da gangan na zaɓi wannan misali don ado ba. A 2018 ana sauke `event-stream` kusan sau miliyan biyu a mako. Marubucinsa, Dominic Tarr, ya daɗe da daina amfani da shi, sai wani mai suna right9ctrl a intanet ya nemi ya karɓi kulawarsa, aka ba shi. A watan Satumba ya fitar da siga ta 3.3.6, wadda ta jawo wani sabon ƙunshi da ba a san shi ba, `flatmap-stream`. A sigar 0.1.1 ta wannan ƙunshi aka ɓoye umarnin sata, wanda ba ya motsi sai ya tsinci kansa cikin Copay, wata manhajar ajiyar Bitcoin. Sai a watan Nuwamba asiri ya tonu. Duk wanda ke da `^3.3.4` kuma ya sake girka ƙunsansa daga tushe a tsakanin nan, ya shigo da kayan ba tare da ya taɓa ko harafi ɗaya a aikinsa ba.

Maganin wannan ɓangare shi ne `package-lock.json`, fayil ɗin kulle da npm ya fara samarwa a 2017. Yana rubuta ainihin sigar kowane ƙunshi da aka girka, har da na can ƙasa waɗanda ba kai ka nema ba, tare da wata lambar shaida da ake gane ko an taɓa abin da ke ciki. A ajiye shi tare da sauran aikin, kada a goge shi don kawai wani abu ya ƙi tafiya, a kuma riƙa girkawa da `npm ci`, wanda ke bin fayil ɗin sau da ƙafa kuma ya tsaya idan ya saɓa da `package.json`. Amma kulle bai san mai kyau da mugu ba. Wanda ya fara girka `event-stream` a ƙarshen Oktoba na waccan shekara, gubar ce kullensa ya riƙe masa gam.

Shi ya sa nake ganin binciken da ake yi kafin girkawa ya fi komai nauyi, kuma bai wuce 'yan mintuna ba:

```
npm view event-stream maintainers dependencies scripts
npm view event-stream time
```

Na farko zai nuna masu ikon fitar da siga, da ƙunsan da zai jawo maka, da umarnin da ke tare da shi. Idan ka ga `postinstall` ko `preinstall`, ka sani wani abu zai yi aiki a kwamfutarka tun lokacin girkawa, ana kuma iya hana shi da `--ignore-scripts`. Na biyu zai jero ranar fitar kowace siga. Ƙunshin da ya yi shekaru shiru sannan ya farka da sabon mai kula da sabon abin jingina, abin a dakata ne a duba. Yawan masu saukewa ba hujja ba ne, domin `event-stream` yana da su. Duba GitHub kaɗai ma bai isa ba, tunda muguntar `flatmap-stream` tana cikin abin da aka ɗora a npm ne, ba ta cikin wanda aka nuna wa jama'a a can. Shi kuwa `npm audit` yana da amfani, amma matsalar da aka riga aka kai rahotonta kaɗai yake gani, kuma a makonnin da aka kwashe kafin Nuwamba babu wanda ya kai rahoton komai.