Ƙarin wa'adin bashi: ribar ta biya kuɗin jira?

Mu ɗauki dillalin atamfa a Kantin Kwari da ke ba 'yan kiri kaya bashi na naira miliyan 120 a shekara, su biya cikin kwana 30. Suka ce in ya ƙara wa'adin zuwa kwana 60, cinikin zai kai miliyan 144. Ribarsa kashi 20 cikin ɗari ce, wato ƙarin miliyan 24 zai kawo miliyan 4.8.

Sai dai kuɗinsa da ke hannun mutane zai tashi daga miliyan 10 zuwa 24, domin tsofaffin abokan ciniki ma za su jira kwana 60. Nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe, suna lissafa sababbi kaɗai. Jarin da ke cikin wannan ƙarin miliyan 14 shi ne miliyan 11.2. Da a kasuwa yake juyawa yana kawo kashi 25 cikin ɗari, an rasa miliyan 2.8. In kashi 5 na sabon cinikin ya nutse, miliyan 1.2 ta tafi.

Saura dubu 800 kacal. In biya ya zarce zuwa kwana 70, jarin da ya maƙale zai ci miliyan 3.6, ragowar ribar ta ƙare ƙaf. Shi ya sa nake ganin ranar da kuɗi ke shigowa da gaske ya kamata ya duba a littafinsa.